Aya ɗaya a ƙarshen saƙon oga: abin da aiki da Turawa ya koya mini

Kuskuren da ya fi cin sababbin ma'aikata a ofishin da ake aiki da Turawa ta saƙon waya shi ne jin faɗa a inda babu faɗa. Ma'aikaci ya tura rahoto da ƙarfe huɗu, ya sa gaisuwa, ya yi bayani layi shida. Amsa ta dawo: "Fine." Shi ke nan. Gabansa ya faɗi, ya kwana yana sake rahoton da ba abin da ya same shi, da safe ya tura doguwar ban-haƙuri. Oga kuwa tsakanin taro biyu ya latsa amsar, har ya manta da ita. Yanzu ban-haƙurin ne ya sa ya fara zargin ko an ɓoye masa wata ɓarna.

Tsoron ma'aikacin ba na banza ba ne. A saƙon waya kowane saƙo yana cikin akwatinsa, tura shi kawai ya nuna an gama magana, don haka aya ta rasa aikinta na asali ta koma ɗaukar murya. A Jami'ar Binghamton ta Amurka, Celia Klin da abokan aikinta sun gwada wannan da ɗalibai 126, aka buga sakamakon a 2016. Gajeriyar amsa mai aya a saƙon waya, ɗaliban sun ɗauke ta ba ta kai zuci ba kamar marar aya. Da aka rubuta amsoshin da hannu a takarda, bambancin ya ɓace. To amma ɗaliban jami'a ne. Baturen da ya haura hamsin, wanda ya saba da wasiƙa, yakan sa aya ne don haka hannunsa ya saba. Wayar ma da kanta takan sa aya idan aka latsa tazara sau biyu.

Saboda haka kada ka yanke hukunci da saƙo ɗaya. Ja sama ka duba saƙonninsa ashirin na baya. Idan kullum yana rufewa da aya, wannan ayar ba ta ce komai ba. Idan kuwa mai rubuta "sounds good, thanks!" ne ya koma "Fine." to da walakin. Canjin ake karantawa. Duba lokaci kuma: amsar da ta zo cikin minti ɗaya daga waya ba ɗaya take da wadda aka jinkirta wuni guda sannan ta zo a bushe ba. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, tambaya ɗaya ta isa: "Anything you'd like me to change?" Ba ka amsa laifi ba, ka kuma ba shi ƙofa.

Kalmomin ma hawa-hawa ne. "okay" da "ok" ba su da kaifi. "OK." ya ɗan yi sanyi. "K" kuwa, a wurin matasansu, kamar mutum ya ce maka "to" ne ya juya baya. Mu da muka san "to" ɗin yarda da "to" ɗin gatse bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Matsalar dai a Hausa kunne ke rarrabewa, a nan babu murya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne laifin a kanmu yake ƙarewa ta kowane ɓangare. Malamin Turanci ya dake mu a kan rufe jimla da aya, sai mu rubuta "Noted." muna ganin ladabi muka yi, abokin aiki ɗan shekara ashirin da biyar a London ya ɗauka mun ƙule. Babu mai faɗa maka wannan ranar da ka kama aiki, sai dai ka ji an ce ba ka da fara'a. Maganin kalma ɗaya ce a ƙara: "Noted, thanks" ko "Will do, thanks!"

Manyan baƙaƙe sun fi muni, domin a kansu babu saɓani tsakanin babba da yaro. Tun 1995 takardar ladubban intanet mai lamba RFC 1855 ta ce rubutu da manyan baƙaƙe kamar ihu ne. Wanda ya saba cike fom yakan rubuta "PLEASE SEND TODAY" don jawo hankali, mai karɓa ya ji an daka masa tsawa, "please" ɗin ma ba ta cece shi ba. Sa lokaci a madadin haka: "Could you send it by 3pm?" Gajartattun kalmomi irin su ASAP, wato a yi da gaggawa, ba ihu ba ne, ko da yake ita ma tana da matsi.

Ɗigo uku a ƙarshen "Thanks..." dattawansu na nufin sassauci, matasa na jin akwai sauran magana. Rashin gaisuwa kuwa al'ada ce ta saƙon aiki: "Hi" da sunanka, sai buƙata, ba tambayar iyali ba ta gajiya.