Inda na kai da haɗa ofishin Gumel da siton Maigatari

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Ga inda aka kwana a aikin haɗa ofisoshin nan biyu na wani Alhaji mai sayen riɗi da zoɓo. Babban ofishinsa yana Gumel, nan sabar lissafin kuɗi take, sito da sikeli kuma suna Maigatari. Abin da yake so bai da yawa: akawun sito ya riƙa shigar da nauyin buhuna kai tsaye cikin sabar Gumel, a daina ɗaukar hoton littafi ana turawa da dare.

Kowane ofishi yana da ƙaramar rautar MikroTik mai RouterOS 7, don haka WireGuard na zaɓa don gina bututun sirri tsakanin ofisoshin ta intanet, tunda a cikinta yake. Kafin komai na duba adireshin da kowace rauta take samu daga waje. Gumel na da tsayayyen adireshi na fili, wanda zan rubuta a nan a matsayin 203.0.113.10. Maigatari kuwa layin waya ne a cikin modem, kuma adireshin da kamfanin layin ya bayar ya faɗa cikin 100.64.0.0/10, zangon da aka ware a 2012 don kamfanoni su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Mai irin wannan adireshi ba a iya kiransa daga waje, sai dai shi ya yi kira. Saboda haka Maigatari ce ke buɗe bututun, na sa mata `endpoint-address` na Gumel da `persistent-keepalive=25s` don hanyar kada ta rufe idan an yi shiru. A Gumel na buɗe UDP 13231 a sarƙar `input`, sama da dokar da ke zubar da duk abin da bai fito daga cikin gida ba.

Bututun ya tashi ba gardama. Na ba bakinsa biyu 10.99.0.1 da 10.99.0.2 a cikin /30, `last-handshake` yana nuna 'yan daƙiƙu, rauta tana yi wa rauta `ping` ana amsawa. Amma kwamfutar akawu ba ta ga saba ba.

Dalilin shi ne duk rautocin biyu an bar su yadda suka fito daga kwali, wato 192.168.88.0/24 nan, 192.168.88.0/24 can. Saba tana 192.168.88.50 a Gumel, kwamfutar akawu tana 192.168.88.20 a Maigatari. A nan ne nake so mu tsaya, domin da yawanmu muna ɗauka laifin rauta ne, mu yi ta ƙara mata hanyoyi. Alhali saƙon bai ma taɓa isa wurin rautar ba. Kafin kwamfuta ta aika fakiti, tana auna adireshin da za a je da maskinta. Maski 255.255.255.0 yana nufin duk adireshin da lambobinsa uku na farko suka zo daidai da nata, maƙwabci ne a kan waya ɗaya. To 192.168.88 ya zo daidai, sai ta yi shelar ARP a cikin sito tana tambayar wa ke da .50, ba ta miƙa wa ƙofar fita komai ba. Kamar ka hau babur a Maigatari ne ka ce wa ɗan acaɓa "kai ni kasuwa": ta garin zai kai ka, ko da ta Gumel ce a ranka.

Ana gane wannan ciwo da alamu biyu. A kwamfutar akawu, `ping 192.168.88.50` ya dawo da `Destination host unreachable`, kuma amsar daga adireshin kwamfutar kanta ta fito, ba daga rauta ba. Sannan ƙididdigar `tx` ta bututun ba ta motsa yadda ya kamata ba yayin da ake ta turawa. Akwai kuma wanda ya fi wannan ruɗarwa: ranar da wayar wani lebura ta hau wayales ta karɓi .50, `ping` zai amsa tsaf, ka ɗauka ka ci nasara, alhali da aljihun mutumin da ke tsaye kusa da sikeli kake magana. Lokacin amsar ne zai tona asiri, don abin da ya bi layin waya ya je wani gari ya dawo ba ya yin milisakan biyu ko uku.

Magani na gaskiya shi ne a sauya wa ofisoshin lamba. Zanguna uku aka ware wa cikin gida tun 1994, su ne 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, kuma kusan duk rauta da modem na kasuwa a na ukun suke cunkushe, musamman 192.168.0, da .1, da .8, da .88. Shi ya sa na gudu zuwa na farko. Tsarin da na rubuta a takarda shi ne Gumel ta ɗauki 10.20.1.0/24, Maigatari 10.20.2.0/24, in Alhaji ya buɗe wurin saye a Haɗeja ko Babura su ɗauki 3 da 4. Lamba ta uku ita ce sunan gari, da ka ga adireshi ka san inda yake. A kowane ofishi .1 rauta ce, daga .2 zuwa .99 na kayan da ba sa motsi ne irin saba da firinta da na'urar kyamarori, daga .100 zuwa sama na rabon DHCP.

Na kai wa Alhaji wannan tsari, na ce, "Ranka ya daɗe, sai an tsayar da aiki na wuni guda a bi kowace na'ura a sauya mata lamba." Ya ce, "Yaro, ana tsakiyar kakar riɗi? Bari sai kaya sun ja baya." Kuma yana da gaskiya. Manhajar lissafin an rubuta mata 192.168.88.50 da hannu a kowace kwamfutar Gumel, a sito kuma firintar rasit da kyamarori duk tsayayyun lambobi gare su, wanda ya ɗaura su ma ya bar garin.

Sai na koma ga fassarar adireshi ta ɗaya-da-ɗaya, wadda MikroTik ke kira `netmap`. Kowane ofishi yana riƙe lambarsa ta asali a cikin gida, amma idan zai shiga bututu sai a sa masa wata. Dabarar da nake ganin ta fi komai amfani a aikin nan ita ce, lambobin aron da na sa su ne dai waɗancan na tsarin takarda. Maigatari tana ganin Gumel a matsayin 10.20.1.0/24, Gumel tana ganin Maigatari a 10.20.2.0/24. Ranar da aka sauya lambobin da gaske, goge dokokin fassara kawai za a yi, hanyoyi da saitin bututu da abin da aka rubuta a kwamfutar akawu duk suna nan daram.

Ga ɓangaren Gumel:

```
/interface wireguard peers add interface=wg-ofis public-key="..." allowed-address=10.99.0.2/32,10.20.2.0/24
/ip route add dst-address=10.20.2.0/24 gateway=10.99.0.2
/ip firewall nat add chain=srcnat src-address=192.168.88.0/24 dst-address=10.20.2.0/24 action=netmap to-addresses=10.20.1.0/24
/ip firewall nat add chain=dstnat in-interface=wg-ofis dst-address=10.20.1.0/24 action=netmap to-addresses=192.168.88.0/24
```

Na Maigatari haka yake, sai dai a musanya 10.20.1 da 10.20.2, 10.99.0.2 kuma ta zama 10.99.0.1 a ƙofar da kuma a `allowed-address`. Ku lura cewa layi na ɗaya da na biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. `allowed-address` izini ne: yana faɗin adireshin da aka yarda ya shiga bututun da wanda aka yarda ya fito daga cikinsa. Hanya kuwa sai ka rubuta ta da kanka, RouterOS ba ya ƙirƙirar ta daga izinin yadda `wg-quick` yake yi a Linux. Kuma lambar aro ce ake sa wa a izinin, ba 192.168.88 ba, domin fassarar tana faruwa kafin fakiti ya shiga bututu.

Mu bi fakiti ɗaya mu gani. Kwamfutar akawu, 192.168.88.20, ta nemi 10.20.1.50. Wannan karon lambobin farko ba su zo daidai da nata ba, sai ta miƙa wa rautar Maigatari. Rautar ta duba teburinta ta ga hanyar 10.20.1.0/24 ta bututu ce, a bakin fita ta mai da mai aikawa 10.20.2.20. Lambar ƙarshe ba ta canzawa, .20 tana nan .20. A Gumel, WireGuard ya ga mai aikawa yana cikin izini ya bar shi ya wuce, dokar `dstnat` ta mai da 10.20.1.50 zuwa 192.168.88.50, saba ta karɓa. A wurinta baƙo ne daga 10.20.2.20, don haka amsar ma rauta take miƙa wa, rautocin kuma suna riƙe da tarihin haɗin, suna warware fassarar da kansu a hanyar dawowa. Ba a buƙatar wata doka ta daban don amsa.

Wannan zaman baƙo da kwamfutar akawu ta yi shi ya kawo cikas na gaba. Rautar Gumel tana nuna fakiti suna fita zuwa saba, amsa ba ta dawowa. Fayawol ɗin Windows ne: dokokinsa na raba fayil da na amsa `ping` sun taƙaita ga `Local subnet`, 10.20.2.20 kuwa ba ɗan gida ba ne. Na shiga shafin `Scope` na dokar da ta shafi manhajar na ƙara 10.20.2.0/24, ban kashe fayawol ɗin ba. Ku kuma duba cewa duk na'urar da aka sa wa lamba da hannu an cike mata gurbin ƙofar fita. Firintar sito an bar nata fanko, shi ya sa tana aiki a gida amma daga Gumel shiru, tana karɓar saƙo ba ta san ta inda za ta mayar da amsa ba.

Yanzu akawu yana shigar da awo, yana shiga saba. Amma fassarar nan tana da iyaka, kuma na riga na ci karo da ita. Kan fakiti kawai take gyarawa, ba ta taɓa abin da ke cikinsa. Manhajar kallon kyamarori tana shiga na'urar sito ta 10.20.2.60, sai na'urar ta amsa mata da cewa hoton yana 192.168.88.60, manhajar ta koma neman sa a cikin ofishin Gumel, allo ya tsaya baƙi. Haka kuma kwamfutocin can ba za su bayyana da kansu a jerin maƙwabta ba, don shela ba ta ƙetare rauta, dole a rubuta adireshin da hannu. Kyamarorin na bar su sai an sauya lamba.

Abin da nake kai yanzu shi ne manyan rahotanni, waɗanda wani lokaci suke tsayawa a tsakiya alhali ƙananan saƙonni suna wucewa. Ina zargin girman fakiti. Bututun yana kan 1420, idan aka cire bayit 28 na kai saura 1392, don haka daga kwamfutar akawu ana gwadawa da `ping -f -l 1392 10.20.1.50`, a riƙa rage lambar har a sami wadda ke wucewa kullum, a ƙara mata 28, a sa sakamakon a `mtu` na ɓangarorin biyu. Ranar kasuwa zan yi gwajin, lokacin da layin ya fi cunkoso. Sauya lamba kuma da Maigatari za a fara bayan kaka, don na'urorinta sun fi kaɗan, kuma da zarar ta koma 10.20.2.0/24 na gaske dokokinta biyu na `netmap` sun tashi, na Gumel kaɗai za su rage.