Lissafin burtsatsen da ya bar min tabo

Ƙarshen watan nan zan bar sashen tsare-tsare, kuma cikin rahotannin da na rubuta akwai ɗaya da har yau yake ci min rai. Na rijiyar burtsatse ne mai famfon tuƙa-tuƙa, a wani ƙauye mai gidaje 60. Haƙa da bututu da famfo da daɓe sun tashi naira miliyan 5.

Maigidana ya miƙo min tsohon fom ya ce in cike, masu ba da kuɗi suna jira. Fom ɗin ya ɗauka mata ne ke ɗebo ruwa, don haka a yi wa lokacinsu farashi da ladan lebura. Na sa awa 2 a rana ga kowane gida, ladan yini naira 2,000, wato 250 a awa, na ninka da kwana 365. Amfanin shekara guda ya kusa miliyan 11, ya ninka kuɗin aikin tun kafin a shiga shekara ta biyu, ga shi na ba famfon shekara 20. Da na ce masa adadin ya yi kyau da yawa, sai ya ce ai abin da ake so ke nan. Na sa hannu. Ƙafata ba ta taka garin ba.

A shekara ta uku famfon ya tsaya. Robar silinda ta cinye, sandar ciki ta tsinke, babu asusun gyara, don rahoton da ya nuna riba irin wannan bai sa kowa tunanin gyara ba. Ranar da aka zo bincike, maigidan ya ce lissafina ne. Sai a lokacin aka tura ni garin.

Kwana huɗu na yi ina zama bakin tsohuwar rijiya da littafi. Matan aure suna kulle, yara ne ke ɗiba, masu ɗan hali kuma suna saye wurin 'yan garuwa. Da damina rijiyoyin cikin gida suna kawo ruwa, ba mai zuwa nesa. Wahalar ta wata bakwai ce, kwana 210, kuma a lokacin ne aikin ƙodago ya fi ƙaranci, balle a ce yaro ɗan shekara goma ya yi asarar ladan lebura. Awa biyun ma ba ta tsira duka ba. Mutum kusan 500 a kan famfo ɗaya, layi ya cinye rabi.

Farashin da nake nema ashe yana bakin 'yan garuwa. Gidan da ke sayen jarka huɗu a naira 200 don ya huta da tafiyar awa biyu ya riga ya faɗi darajar awarsa, naira 100. Wanda ya ƙi saye ya tura yaro, galibi tasa ba ta kai haka ba, saboda haka 100 ɗin ma da sassauci. Na sake ninkawa, gida 60, awa ɗaya, naira 100, kwana 210, ya ba ni miliyan 1.26. Na cire 200,000 na gyara duk shekara. Da yake nairar baɗi ba ta kai ta bana ba, na riƙa rage darajar amfanin bisa kashi 10 cikin ɗari, wato na shekarar farko a raba shi da 1.1, na ta biyu a raba da 1.1 sau biyu, haka har ƙarshe. In famfon ya yi shekara goma, amfanin ya kai wajen miliyan 6.5, aikin ya ci kuɗinsa da ɗan rara. In ya mutu a shekara uku, miliyan 2.6 ne, rabin kuɗin ya bi ruwa. Aikin mai kyau ne tun farko, amma gyaran 200,000 ɗin nan ne ke riƙe da shi, ni kuwa na binne shi ƙarƙashin miliyan 11.

Lafiya ban ƙara yi mata ƙiyasin kai ba. Ina ƙirga kuɗin magani da kwanakin jinyar gudawa kawai, shi ma sai na leƙa randa, domin ruwa mai tsabta yakan gurɓata a moɗa. Wanda ya sa kuɗin garuwa da aka huta da shi kada ya ƙara da lokacin gidan, abu ɗaya ne ya ƙirga sau biyu. Abin da 'yan garuwa suka rasa ma a rubuta shi. Yarinyar da take isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa kuwa ba na maƙala mata naira, ina rubuta yawan yaran da awowinsu a shafin farko, mai yanke shawara ya gani da idonsa.

Fom ɗin yana nan a ofis, ba a canza masa ko layi ɗaya ba. Lissafina na biyu na bar shi a aljihun tebur na hagu, ga wanda zai gaje ni.