Yadda na haɗa rahoton kwata na aikin tamowa lokacin da fetur ya tashi

Ni dai duk rahoton da zan rubuta wa masu ba mu tallafi, ba na farawa daga shafin farko, daga lambar da ta fi muni nake farawa. Dalili kuwa ita ce za su tsaya a kai ko na so ko ban so ba, to gara ni in riga su zuwa wurin. A rahoton watan Yuli zuwa Satumba na 2023 lambar nan ita ce ta yaran da aka daina kawowa asibiti tun ba su warke ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, muna tallafa wa asibitocin sha-ka-tafi guda biyar a wata ƙaramar hukuma a Jigawa wajen kula da yara masu tamowa mai tsanani, 'yan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar. A auna damtsen yaro da tef ɗin nan mai launi uku, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, sai a sa shi a rijista, uwa ta riƙa zuwa duk sati ana auna shi ana ba ta abincin leda na gyaɗa, RUTF, katan ɗaya leda 150 ne kuma kusan abin da yaro ɗaya ke ci kenan kafin ya warke. Fom ɗin masu tallafin kashi uku ne, ma'aunan aiki, da yadda aka kashe kuɗi, da labarin wanda ya amfana. A ofis ma haka ake raba shi, mai tattara alƙaluma ya cika nasa, akanta ta cika nata, wani ya je ƙauye ya ɗauko hoto da labari mai daɗi, ranar ƙarshe a haɗa a tura. In ka karanta irin wannan sai ka ga kamar kishiyoyi uku ne a gida ɗaya ba mai yi wa wata magana. Tebur ya ce an gaza, bajet ya ce kuɗi sun yi saura, labari kuma ya ce kowa na murna.

To ga yadda lambobin namu suka fito. An yi mana tsammanin za mu karɓi yara 600 a kwatan, sai muka karɓi 780, wanda ba abin mamaki ba ne tunda tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ga zazzaɓi ga gudawa. Waɗanda suka fita daga rijista a cikin wata ukun su 600 ne: 462 sun warke, 108 an daina kawo su, 12 sun rasu, Allah ya jiƙansu, 18 kuma sun cika wa'adi jikin bai karɓa ba an tura su gaba. Wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne da me za a raba. In ka raba 462 da 780 za ka samu kashi 59 ka tayar wa kowa da hankali a banza, alhali 180 ɗin da suka rage suna nan suna karɓar ledarsu, ba su warke ba ba su gudu ba tukuna. Da waɗanda suka fita ake rabawa, wato 600, sai ya ba ka kashi 77 sun warke, 18 sun daina zuwa, 2 sun rasu, 3 ba su karɓa ba. Ƙa'idar Sphere da kusan kowa ke bi a wannan aiki ta ce warkewa ta haura kashi 75, mutuwa ƙasa da 10, masu daina zuwa ƙasa da 15. Kenan biyu mun haye, ɗaya mun faɗi, kuma na rubuta ta haka a sakin layi na farko, 18 a inda ake so ƙasa da 15, ban kai ta shafi na tara na ɓoye ba.

Amma kafin in yarda da 108 ɗin sai da muka sauka kan rijistar kanta. Ni ba na ɗaukar jimlar da aka turo a Excel kawai, sai mun ƙirga katin yara ɗaya ɗaya mun gwada da rijista, sannan mun gwada da littafin sito na katan nawa ya fita. In yara sun ƙaru amma katan bai motsa ba, ko katan na ta fita yara ba su ƙaru ba, to akwai magana. Abin da ya fi faruwa shi ne uwa ta bar wannan asibiti ta koma wancan da ya fi kusa da gonarsu, a nan a rubuta ta gudu, a can a rubuta sabon yaro, yaro ɗaya ya ɓata maka lamba biyu. Da farko 121 aka turo mana, da muka gwada sunan uwa da ƙauye da shekarun yaro sai 13 suka fito irin wannan, muka cire su daga masu gudu muka kuma cire su daga sababbin shiga. Duk lambobin da na kawo a sama bayan wannan gyara ne.

Sai kuɗi, nan ne shekarar ta 2023 ta yi mana wasa da hankali. Yarjejeniyarmu da dala take, an lissafa ta kan naira 460, sai ga shi ranar 29 ga Mayu an ce tallafin mai ya tafi, tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira, dalar da ta shigo mana a kwatan kusan 760 aka canza ta. Litar fetur da muka yi bajet a ƙasa da naira 200 zuwa Yuli ta wuce 600. Layin man mota mun ware masa naira 900,000, muka kashe miliyan ɗaya da rabi. A naira an zarce da kashi 67, amma in ka juya shi dala, wancan kan 460 wannan kan 760, duka biyun suna wajen dala 1,960 zuwa 1,970, wato wanda ke zaune a ofishinsa a Turai zai ga layin mai ya tafi daidai cif babu abin tambaya. Alhali litar da muka saya kusan rabin wadda aka tsara ce kawai, wajen 2,400 a maimakon 4,600. Albashi kuwa da naira aka yanke shi bai motsa ba, sai ya fito a dala kamar mun kashe kashi 60 kawai, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ma'aikata ne suka ajiye aiki.

Akantarmu, Hajiya, ita ta ce "Malam, in muka ba su dala zalla ba za su ga komai ba, in muka ba su naira zalla za su ce mun yi almubazzaranci." Sai muka yi teburin da ginshiƙi biyu, naira da dala gefe da gefe, aka rubuta farashin canjin da ranar da aka canza a sama, sannan na ƙara wani ginshiƙin da ba ya cikin fom ɗinsu ma, na abin da kuɗin ya sayo, lita nawa, katan nawa, fita ƙauye nawa. A yarjejeniyarmu duk layin da ya kauce da sama da kashi goma sai an yi bayani, kuma ba ka da ikon ɗauke kuɗi daga albashi ka kai mai sai da izini a rubuce, ba izinin waya ba, don ranar da odita ya zo takarda zai nema. Rarar nairar da canji ya haifar ita ma ba tamu ba ce, mun bayyana ta a layinta daban muka bar ta a asusu.

Da ka ajiye rabin lita kusa da kashi 18 ɗin nan sai bayani ya fito da kansa. Motar ita ke kai masu bibiya ƙauyuka su nemo uwar da ta yi fashin sati ɗaya kafin ya zama uku a rufe katinta. Mai ya ragu, muka zaɓi kai katan asibiti a kan bibiya, don asibiti ba leda ya fi muni. Da muka raba 108 ɗin asibiti asibiti kuma, 71 daga guda biyu suka fito, su ne mafi nisa da titi.

Shi ya sa labarin ma can na je nemansa, kuma ban nemi wadda ɗanta ya yi ɓul-ɓul ba, irin wannan hoton suna da shi jibgi. Wadda ta daina zuwa na nema. Wata baiwar Allah ce mai 'ya'ya huɗu, ƙaramar ce ke rijista, mun same ta a gona tana tsinkar wake da yarinyar a goye. Ta ce kuɗin acaba zuwa da dawowa ya ninka, maigidan ya tafi ci-rani, kuma ranar asibiti ta faɗo ranar da take zuwa aikin gonar wasu a biya ta, in ta je layin awo to ranar ba cefane. Ta kuma faɗa ba tare da na tambaya ba cewa ledar da take karɓowa ba yarinyar kaɗai ke sha ba, ya za ta yi da ɗan shekara ukun da ke tsaye yana kallo. Wannan ma na sa shi, don shi ke bayyana wasu daga cikin 18 ɗin da jikinsu bai karɓa ba. Ma'aikaciyar lafiyar ta zaro tef ta auna yarinyar nan a gindin bishiya, har yanzu ja, muka sake buɗe mata kati.

Kafin in rubuta komai an karanta mata takardar amincewa da Hausa, abin da za a yi da maganarta da waɗanda za su gani, an kuma faɗa mata ko ta ce a'a ba abin da zai taɓa ledar 'yarta, wannan jimlar ita ce mafi nauyi don mace mai karɓar taimako ba ta iya ce maka a'a sai ka buɗe mata ƙofa. Ta yarda da labari, hoton fuska ta ce sai maigida ya dawo, shikenan muka ɗauki hannun yarinyar da tef ɗin kawai, na canza suna, ƙauyen ma ban ambata ba. A ƙarƙashin labarin na rubuta cewa ita ɗaya ce cikin 108, masu bibiya sun samu zantawa da iyaye 40, 26 sun ambaci kuɗin abin hawa, don kar a ɗauka labarin mutum ɗaya na mayar hujjar kowa.

Shafin ƙarshe roƙo ne guda biyu da lissafinsu: a ba mu izinin juya rarar canjin zuwa mai, a kuma yarda asibitoci biyun nan su riƙa ba da ledar sati biyu a zuwa ɗaya ga yaran da suka fara murmurewa. Amsarsu ta zo da tambaya biyu, ɗaya kan ranar canjin dala ɗaya kan yara 13 da muka cire, muka tura musu takardar banki da jerin lambobin katin ba suna. Sun amince da na man. Na ledar sati biyu kuwa suka ce ba hurumin su ba ne, sai mun je wurin jami'ar abinci mai gina jiki ta jiha.