Litinin, kuma har yanzu shiru

Yau mako biyu cif da wucewar ranar da ƙungiyar da na nemi aikin jami'ar kuɗi a wurinta ta ce za mu ji sakamako. Matar da ke kula da harkar ma'aikata ce ta faɗa da bakinta bayan intabiyu ta ƙarshe, tana rako ni bakin ƙofa: "In sha Allahu Litinin ta sama kowa zai ji, da wanda aka ɗauka da wanda ba a ɗauka ba."

Na tashi da walwalata. An kawo wuta da asuba, na yi guga, na sami ɗan sahu tun daga bakin layi. Sai da zan fita Umma ta ce, "Auta, mutanen nan har yanzu ba su kira ba?" Da tausayi ta tambaya, amma da maganar na wuni. A ofis iyaye na ta kawo takardar banki ta kuɗin makaranta, ina rubuta rasit, ido ɗaya na kan waya.

Bayan azahar na kira Yaya. Na ce masa ni dai na haƙura, ai shiru ma magana ce. Ya ce a wurin ɗaukar aiki ba kullum ba, kuma tunda wannan ce sana'arsa sai na nutsu na saurara.

Ya ce ranar da ake faɗa wa mutum a ƙarshen intabiyu yawanci ranar da kwamiti ke sa ran gama nasa aikin ce, alhali kwamiti ba shi ne ƙarshe ba. Kowane ɗan kwamiti zai miƙa makin da ya bayar, a haɗa, a rubuta rahoto, kowa ya sa hannu. Mutum ɗaya ya yi tafiya, fayil ya kwanta. Daga nan shugaba ya amince, sashen kuɗi ya tabbatar albashin kujerar na cikin kasafi, a ƙungiya irin wannan ma wani lokaci sai masu ba da tallafi sun saki kuɗin. Sannan a tuntuɓi waɗanda za su ba da shaida a kanka.

"Akwai kuma wadda ba za ki so ji ba," in ji shi. "Mai yiwuwa ke ce ta biyu. An ba na farko takarda, an ba shi 'yan kwanaki ya amsa, yana cinikin albashi. Ba za su sallame ki ba sai ya sa hannu, don in ya ƙi, ke za a kira."

Wannan ta yi min zafi. Na ce to yaya zan gane a ina nake? Ya ce in duba abu uku: ko an kira mutanen da na ba da sunansu, ko an nemi wasu takardu daga wurina kamar shaidar bautar ƙasa ko takardar albashina na yanzu, da kuma ko sun sake tallata kujerar. In an kira masu shaida, ana maganata da gaske. In tallar ta sake fitowa da sabuwar ranar rufewa, to in cire rai. Ya sa na buɗe `Spam` muna kan waya. Babu komai.

Sai na faɗa masa ainihin abin da ke cina, wato kunya. Ina jin in na rubuta musu za a ce na cika naci, ko a ga kamar roƙo nake. Ya ce, "Auta, wa ya sa ranar, ke ko su? Wanda ya tambayi alƙawarin da aka yi masa bai yi roƙo ba. Da washegarin ranar kika rubuta, sai in ce kin yi gaggawa. Mako biyu kuwa har ya ɗan yi yawa, mako guda ya isa."

Na karanta masa abin da na tsara tun jiya. Ya yi tsawo, na sake jero ƙwarewata, na ba da haƙurin damun su, na ƙare da tambayar ko an ɗauke ni. Ya ce in share kusan duka. Wai kada in tambayi ko an ɗauke ni, domin matar ba ta da ikon faɗa kafin a sa hannu, kuma tambayar da mutum ba zai iya amsawa ba ajiye ta yake yi. In tambayi sabuwar rana, wannan tana iya amsawa a layi ɗaya. Kuma kada in buɗe sabon saƙo, in danna `Reply` a kan imel ɗin da ta gayyace ni da shi, don sunan kujerar da ranar intabiyu su zo mata tare.

Da Turanci ne, amma ga abin da ya rage a ciki: gaisuwa da godiya, sai sunan kujerar jami'ar kuɗi da ranar da aka yi min intabiyu. Sai na ce an ambata mana za a yanke shawara ran kaza, ina so in ji ko akwai sabuwar ranar da zan sa rai. Har yanzu ina son aikin, in akwai takardar da ake buƙata zan turo. Sai sunana da lambata. Ya ce in tura gobe da misalin ƙarfe 9, saboda saƙon yammacin Litinin nutsewa yake cikin tarin na ƙarshen mako. In kwana 5 na aiki suka wuce babu amsa, in kira layin ofis sau ɗaya, a taƙaice. Bayan nan in bar su.

Na kawo masa shawarar Anti, cewa mijin ƙawarta ya san wani a ciki, a yi kamun ƙafa. Ya ce a'a, da ƙarfi. In ina kan gaba, hakan na iya ɓata min, don ƙungiyoyi da yawa na ɗaukar sa a matsayin neman karkatar da kwamiti. Haka bin ɗan kwamiti ta WhatsApp. Ya kuma hana ni cewa wai wani wuri ya ba ni aiki don su yi sauri, sai in gaskiya ne, lokacin in faɗi ranar da zan ba wancan wurin amsa.

Kafin ya ajiye ya ce, "Kada ki kuskura ki ajiye aikin makaranta kan maganar baki. Sai takarda ta zo, da albashi da ranar farawa a rubuce." Yarjejeniyata ta ce sanarwar wata guda ko in biya albashin wata, don haka duk ranar da suka ƙara, ranar farawata ce ke matsawa.

Da la'asar na kira tsohon ogana. Ba wanda ya tuntuɓe shi. Malamata ta jami'a ba ta ɗaga ba, na bar mata saƙo. Tallar dai ba ta sake fitowa ba.

Na yarda da duk bayanin Yaya, amma raina bai daina ɓaci ba. Mun bar aikinmu, mun biya kuɗin mota, mun zauna an yi mana tambayoyi har kan albashin da muke karɓa. Layi ɗaya da zai ce an samu jinkiri, ku ƙara mana mako biyu, ba ya buƙatar sa hannun shugaba. Ina tuna wani bawan Allah da muka zauna tare a ɗakin jira, daga Gusau ya taso, ya ce ba shi da aiki tun bara. Ni ina da inda zan je gobe da safe, shi fa?

Tuwo miyar kuka da daddare. Umma ba ta sake tambaya ba, ni ce na ce mata gobe zan rubuta musu, ta ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Akwai wata kujerar akanta da za a rufe nema ran Laraba, na buɗe fom ɗin, sai na cike shi kafin in kwanta.