Layi huɗu na saman takardar neman aikina

A shekarar 2023 na je intabiyu a Dutse riƙe da CV ɗin da wani yaro ya buga mini a shagon kwamfuta a Haɗejia. A saman takardar akwai ɗan taƙaitaccen bayani da ya kwafo daga ta wani, yana cewa ni haziƙi ne mai aiki tuƙuru, ƙwararre a Excel. Ban hana shi ba, domin a lokacin na ɗauka haka ake yi. Da na zauna gaban mutum uku, mace ɗaya daga cikinsu ta juyo da kwamfutarta wajena, ta ce in haɗa mata jimillar buhunan takin da ke jere daga layi na 2 zuwa na 41. Abin da ake so in rubuta shi ne =SUM(B2:B41), kuma ban san shi ba. Ta karɓi kwamfutarta cikin mutunci, amma daga nan duk abin da na faɗa game da noman shinkafa, wanda na sani tun ina yaro, na ga a fuskarsu cewa da shakka suke sauraronsa. Wannan ya fi rashin aikin yi mini ciwo a hanyar komawa gida.

Ƙauyenmu yana ƙaramar hukumar Auyo, cikin yankin noman rani na kwarin Haɗejia, kuma ina da difloma a fannin aikin gona. A tsakiyar 2024 wani abokina ya turo mini sanarwar wata ƙungiya mai neman jami'in da zai riƙa bin manoman shinkafa a gonakinsu. Wannan karon na ƙi zuwa shago. Na ɗauki sanarwar na kai wa yayana, ɗan wan babana, wanda ya daɗe yana aikin malamin gona kuma ya sha zama cikin masu tantance ma'aikata.

Abu na farko da ya sa ni yi shi ne in kwafe sanarwar da hannu a littafi. Sharuɗɗa 11 ne a jere. Na ce, "Yaya, ai uku na farko zan ɗauka ko?" Ya ce a'a, jerin ba kullum yake nuna nauyi ba, sau da yawa abin da ofis ya saba rubutawa ake fara sawa. Ya ce in karanta wurare uku: sunan muƙamin, sakin layin da ke bayyana aikin yau da kullum, sannan jerin sharuɗɗan. Duk abin da ya fito a wuri biyu ko uku, in ja masa layi.

Da na yi haka sai sanarwar ta buɗe. Aiki da ƙungiyoyin ƙananan manoma ya fito sau huɗu, har da sharaɗin shekara biyu. Horar da manoma kan ingantattun hanyoyin noman shinkafa ya fito sau uku. Tattara bayanai ta waya da manhajar KoboCollect ya fito sau uku, kodayake a jerin sharuɗɗa shi ne na takwas. Da uku na farko na bi, da na cika saman takardata da shaidar karatu da iya Hausa da Turanci da iya zama da jama'a, waɗanda kusan duk mai nema daga yankinmu yana da su. Ya kuma nuna mini kalmomi biyu da ake raba sharuɗɗa da su. Abin da aka sa a ƙarƙashin required dole ne, abin da ke ƙarƙashin desirable ƙari ne kawai. Ukun da na ja wa layi duk cikin na dole suke. Shaidar karatu kuwa ƙofa ce, kalma uku ta ishe ta a farkon jimla.

Daga nan aka zo wurin da ya ɗauke mu yammaci guda. A gaban kowane sharaɗi sai in rubuta abin da na taɓa yi, da adadi, da wanda zai iya ba da shaida idan an buga masa waya.

Na horarwa bai ba ni wahala ba. A rani biyu na tara manoman ƙungiyarmu a bakin gona sau shida, na nuna musu yadda ake rainon irin FARO 44, a dasa shi yana da kwana 14 zuwa 21, a jere da igiya, tazarar santimita 20 tsakanin tushe da tushe, maimakon watsi da muka gada. Na kuma nuna raba takin yuriya kashi biyu a madadin zuba shi gaba ɗaya. Shugaban ƙungiya zai shaida, sunayen waɗanda suka halarta suna cikin littafin taro.

Na shekara biyu ne ya tsaya mini a rai. Na riƙe sakataren ƙungiyar manomanmu mai mutum 42 daga Disamba 2022 zuwa Mayu 2024, wato wata 18, kuma aikin sa-kai ne, ba albashi. Ina da wata huɗu na horon sanin makamar aiki lokacin makaranta. Idan an haɗa, wata 22. Saura wata biyu kacal. Na ce, "Yaya, wata biyu ai ba wani abu ba ne, in rubuta shekara biyu mana." Ya ce, "Ƙanena, kwanan watan suna nan a ƙasan takardar taka. Mai tantancewa zai ƙirga da yatsa. In ya ga 22 inda ka ce 24, ba wata biyun zai riƙe ba, zai koma ya sake duba sauran abin da ka rubuta." Na so in ƙara shekarun da na yi ina noma a gonar babanmu, ya ce wannan noma ne, ba aiki da ƙungiya ba, in ba shi wurinsa daban in ina so, amma kada in cusa shi cikin lissafin da ba nasa ba.

A ganina ya yi daidai, kuma akwai abin da na lura da shi da kaina daga baya. "Wata 18" ya fi "shekara biyu" kama da gaskiya a idon mai karatu. Wanda ya ƙirga watanninsa ya nuna yana da abin ƙirgawa.

Na KoboCollect shi ne mafi santsi, domin a nan mutum zai iya yaudara ba tare da ya faɗi ƙarya ƙarara ba. Sanarwar ta ce ana son ƙwarewa a manhajar. Ni kuwa na yi aikin mako uku ina bin gida-gida da waya, na cike fom 130 a ƙauyuka biyar. Na san yadda ake sauko da fom, a cike shi inda babu sabis, a ɗauki lambar wurin da GPS, a adana, a tura idan an samu sabis. Amma ban taɓa tsara fom ba. Wannan aiki ne daban da ake yi a KoboToolbox ko da XLSForm, inda ake shirya tambayoyin da ƙa'idar tsallake wata tambaya idan amsa ta zama kaza. Idan na rubuta "ƙwararre", mai karatu zai iya fahimtar duka biyun. Abin da ya warware mini shi ne na daina neman sifar da zan kira kaina da ita, na koma ga aikatau. Ban ce ni wane ne ba, na faɗi abin da na yi: na tattara, na cike, na tura. Sunan manhajar ya fito kamar yadda suka rubuta shi, amma girman da'awar bai wuce girman aikin ba.

Da Turanci na rubuta bayanin, tunda da shi aka yi sanarwar, amma ga abin da ya ƙunsa:

"Mai difloma a aikin gona, da wata 18 na aikin sa-kai a matsayin sakataren ƙungiyar ƙananan manoma 42 a Auyo, da wata 4 na horon aiki. Na gudanar da horo sau 6 a gona kan dashen shinkafa a jere da raba taki. Na tattara bayanan gidaje 130 da KoboCollect a ƙauyuka 5. Ina jin Hausa da Turanci."

Layi huɗu ne a takarda, kuma na jera su yadda nauyinsu yake a sanarwar. A rubutun farko na kira mutanenmu villagers, yayana ya goge ya sa smallholder farmers, domin ita ce kalmar da suka yi ta maimaitawa. Mutanen ɗaya ne, babu abin da ya canja a gaskiyar maganar. Mai tantancewa da ke da tarin takardu a gabansa kalmominsa yake nema da ido, wasu manyan ma'aikatu ma da manhaja suke fara tacewa. Aron kalmarsu halal ne matuƙar abin da take nufi ka yi shi. Abin da na guje wa shi ne kwafe jimlarsu sukutum in mayar musu, domin wannan bai nuna komai ba sai cewa na karanta sanarwar.

Akwai sharaɗin tuƙa babur da ya fito sau ɗaya. Ina tuƙawa, amma a lokacin ba ni da lasisi, don haka ban sa shi a sama ba. A ƙasa, wurin ƙwarewa, na rubuta cewa ina tuƙi kuma ina kan neman lasisi, bayan na tabbatar na fara neman. Excel kuwa na yi wata biyu ina koyo a kwamfutar wani malamin makaranta, na rubuta cewa na iya matakin farko: shigar da bayanai da haɗa jimilla.

Kafin in tura, yayana ya karɓi takardar ya zauna a tabarma ya zama mai intabiyu. Kowace jimla sai ya ce, "Ba ni labarin wannan." Ƙa'idarsa ita ce duk jimlar da ba zan iya yin minti biyu ina bayaninta da sunan wuri da lokaci ba, a cire ta. A nan ne wata jimla ta faɗi. Na rubuta cewa horon da na yi ya ƙara wa manoma amfanin gona. Ya ce, "Buhu nawa suka samu kafin, buhu nawa bayan? Wa ya auna?" Na san wasu sun ce sun ga bambanci, amma babu wanda ya auna, kuma a wannan ranin an fi samun ruwa a kan lokaci. Na goge ta. Daga nan na adana takardar a PDF don kada layukan su wargaje a wayar wani, na tura.

Bayan mako uku suka kira ni. Tambayoyin sun bi layukan nan kusan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tambaye ni abin da nake yi idan mamba ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya, na ba shi labarin yadda muka raba wa mutum biyu biyan zuwa bayan girbi. Wata ta miƙo mini waya ta ce in buɗe fom in ɗauki lambar wurin, na ce mata a cikin ɗaki lambar ba za ta yi daidai sosai ba, ta bar ni na fita tsakar gida na ɗauko. Sai shugabansu ya ce, "Za ka iya tsara mana sabon fom?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yi ba, cikewa da turawa na sani." Ya duba takardar, ya ce haka ne, abin da na rubuta ke nan, kuma suna da mai tsara fom a ofis. Kan wata 18 ɗin ya ɗan tsaya, ya ce sharaɗinsu shekara biyu ne, akwai kuma waɗanda suka cika shi cikin masu nema. Na ce na sani.

Muƙamin ya tafi ga wani mai shekara huɗu a aikin. Bayan wata guda suka sake kira na, suka ba ni kwantiragin wata shida na tattara bayanan manoma a ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa, na karɓa. A littafin nan da na kwafe sanarwar nake rubuta adadin fom ɗin kowane mako da sunan kowane ƙauye, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna wurin mai tsara fom ɗin ofis yana nuna mini yadda ake sa tambaya ta tsallake wata.