Abin da gogewar sandar fitila ta koya mini game da rawar hoto

Yawancin aikina a Birnin Kebbi tace bidiyon biki ne, kuma roƙon da ya fi zuwa mini shi ne a cire wani abu daga bayan amarya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna goge abu tsaf a hoto guda, amma a bidiyo sai ka ga wurin da aka cike yana ƙifce-ƙifce kamar zai tafasa.

Bari in ɗauki aiki ɗaya. Bidiyon kamu ne na daƙiƙa 8, sandar fitila tsaye a bayan amarya, jikin labulen ado mai ninki-ninki. An ɗauka a firem 25 kowace daƙiƙa, wato hotuna 200 ke nan a jere. Manhajar da aka gina don hoto ba ta san bidiyo take yi ba. Kowane firem sabon aiki ne a wurinta: ta duba gefen ramin da goge sandar ya bari, ta ƙirƙiro abin da take ganin ya dace. Kamar ka ba tela 200 riga ɗaya su yi faci a wuri guda, ba wanda ya ga ɗinkin ɗan'uwansa. Kowane faci mai kyau ne, amma ninkin labule da ke hagu a firem na 40 ya koma dama a na 41. Ido kuwa yana iya yafe ninkin da ba na gaskiya ba, ba ya yafe wanda ke tsalle.

Akwai manhajojin da aka yi don bidiyo, masu bin motsi suna aro bango daga firem na gaba da na baya. Sun fi, amma sai in an taɓa ganin bangon. A wannan aikin kyamara ba ta matsa sosai ba, don haka abin da ke bayan sandar bai taɓa bayyana ba, dole dai a ƙirƙira.

Kafin in taɓa komai, nakan bi firem ɗaya-ɗaya in ga inda rawar take. In bakin wurin ne ke motsi, laifin shacin da aka zana kewaye da sandar ne: yana shiga yana fita, wani lokaci ya bar siririn gefen sandar, manhaja ta ɗauka bango ne ta shafo shi ciki. Maganinsa a faɗaɗa shacin da 'yan fiksel, a tausasa bakinsa, a haɗa har da inuwar sandar a ƙasa, wadda mutane da yawa ke mantawa. In cikin ne ke tafasa, ƙirƙira ce ke sauyawa.

A nan ne darasin da ya fi mini amfani yake: a bar manhaja ta ƙirƙira sau ɗaya tak. Na zaɓi firem mafi kaifi, na goge sandar a cikinsa, na gyara ninkin labulen da hannu har ya zauna. Sai na bi motsin labulen da Mocha AE a After Effects, na manna wannan facin guda a kan sawun, ya bi kyamara duk inda ta karkata. Mai amfani da Content-Aware Fill, kayan cike gurbi na After Effects, zai iya danna Create Reference Frame ya gyara firem ɗin a Photoshop, manhajar ta riƙa ɗiba daga nan. A DaVinci Resolve kuma Planar Tracker ne ke bin sawun.

Rawa ta tsaya, amma wurin ya zama kamar an liƙa takarda. Dalili biyu ne. Kyamarar tana sauya haske da kanta duk lokacin da farin mayafin amarya ya cika hoton, facin kuwa yana nan yadda yake, sai da na sa haskensa ya riƙa hawa da sauka tare da na labulen da ke gefensa. Sannan bidiyon dare yana da tsaki-tsaki masu motsi, facin kuma sumul. Na zuba masa tsaki daidai girman na asali, a kan facin kaɗai.

Wannan hanya tana da iyaka. Tana aiki a kan bango, labule ko daɓe, abin da yake shimfiɗe. A ruwan Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, inda ruwa da masunta ke motsi a bayan abin da za a cire, faci guda ba zai zauna ba, gara a yanke gefen hoton ko a canja kusurwa. Shi ya sa yanzu nake ce wa mai ɗaukar mana hoto: "Malam, don Allah ka kulle hasken kyamara, kuma kafin jama'a su cika, ka ɗauko mini bangon shi kaɗai na daƙiƙa biyar, daga inda za ka tsaya."