Abin da na koya wajen tambayar ɗalibai ko suna karatu da kiɗa a kunne

Duk wanda ya tashi binciken yadda ɗalibai ke amfani da kiɗa a lokacin karatu, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: "Kana sauraren kiɗa idan kana karatu? E ko a'a." Aikin da na yi a kan wannan batu a wata jami'a a Arewa ya nuna mini cewa tambayar nan ba ta auna komai. Mutum biyu za su ce e alhali abin da suke yi bai yi kama ba ko kaɗan, wani kuma ya ce a'a ga iyafis a kunnensa.

Kafin a raba takardar tambayoyi ga jama'a, akwai gwajin da ya fi kowane lissafi amfani: ka zauna da ɗalibi ɗaya, ya karanta tambaya a fili, ya amsa, sannan ka ce ya gaya maka abin da ya tuna kafin ya amsa. Wata ɗaliba da na zauna da ita ta zaɓi a'a ba tare da jinkiri ba. Da na ce ta ba ni labarin karatun da ta yi a daren jiya, sai ta ce: "Malam, na kunna ƙasida ne ƙasa-ƙasa ina kwafar darasi daga littafin ƙawata, saboda 'yan ɗakinmu suna hira. Da na zo haddace ma'anonin da za a tambaye mu a gwaji sai na kashe." A takarda an rubuta ta cikin masu karatu shiru. A zahiri kuwa ta ba ni abu uku da binciken ke nema: irin sautin, irin aikin, da dalilin kunnawa.

Daga nan na sake gina takardar a kan zama ɗaya na karatu. Maimakon "yawanci" ko "sau da yawa", tambayar farko ta koma: "Tuna zaman karatu na ƙarshe da ka yi kai kaɗai. Yaushe ne, a ina, kuma ya ɗauki kamar minti nawa?" Mutum ba ya iya ƙididdige ɗabi'arsa ta zango guda, abin da yake ba ka shi ne yadda yake ganin kansa. Amma jiya da dare yana iya tunawa. Wannan hanya tana da iyaka, domin zama ɗaya na iya saɓa wa al'adar mutum, musamman a makon jarrabawa. Shi ya sa ake rubuta ranar da aka cike kowace takarda, a kuma kauce wa haɗa amsoshin tsakiyar zango da na makon jarrabawa kamar abu ɗaya ne.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi ba lokaci: me ke shiga kunnenka a wannan zaman? A nan ba a tambayar salon waƙa ko sunan mawaƙi, sai a jera zaɓi: waƙa mai baituka da harshen da kake ji, waƙa da harshen da ba ka ji, kiɗa zalla babu murya, ƙasida ko bege, rediyo ko wa'azi, karatun Alƙur'ani, sai kuma babu komai. Ana yarda mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. Rabuwar mai murya da marar murya tana da tushe. A 1989 masu bincike Salamé da Baddeley sun gwada mutane da riƙe jerin lambobi a ka, suka ga waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla dagula riƙon. Idan takardarka ta zuba su duka a kwando ɗaya, bambancin da aka riga aka san yana nan zai ɓace a cikin matsakaicin lissafi, ka fito kana cewa kiɗa ba ya yin komai.

Karatun Alƙur'ani yana buƙatar kula ta musamman. Dole ya samu gurbi, domin akwai ɗaliban da ke kunna shi suna aiki, amma ba a sa shi ƙarƙashin kan magana mai cewa "nau'in kiɗa". Wanda ya ga haka zai ajiye takardar, kuma yana da gaskiya. Kan maganar da na yi amfani da shi shi ne "abin da kake saurare". Wannan ya kuma rage wata matsalar: a wurinmu hukuncin kiɗa abin saɓani ne, kuma ɗalibin da ke cike takarda a aji, abokinsa na leƙe, zai rubuta abin da ba zai jawo masa magana ba. Don haka babu suna, babu lambar rajista, kuma gabatarwar takardar ba ta nuna ana yabon ɗabi'ar ko ana kushe ta.

Sai aikin da ake yi a lokacin. Kwafar darasi, warware lissafi, karanta babi don fahimta, hadda, rubuta aikin gida: kowanne da layinsa, a gabansa a nuna ko sauti na kunne ko a kashe. A nan ne amsar ɗalibar nan ta samu wurin zama daidai: kwafa da ƙasida, hadda shiru, dalili hayaniyar ɗaki.

Dalilin nan shi ne ya hana ni yin iƙirarin da masu aikin kammala digiri suka fi so, wato kiɗa yana ɗaga maki ko yana rage shi. A ce an samu masu sauraren kiɗa suna da ƙarancin maki. Yana iya kasancewa su ne ke kwana a ɗaki mai cunkoso kusa da janareta, hayaniyar ce ta sa su toshe kunne, ita ce kuma ke cin karatun. Takardar tambayoyi ba za ta raba waɗannan ba, sai gwajin da ake rarraba mutane ta hanyar ƙuri'a. Abin da za ta iya shi ne bayyana wa ke saurare, me, yaushe, don me. Kuma a bar jingina da binciken 1993 da aka yi da kiɗan Mozart, tsohon mai tsara kiɗa na Turai, a babin bitar rubuce-rubuce: ɗalibai 36 ne suka saurari kiɗa na minti goma kafin gwajin fahimtar siffofi, ba suna karatu kiɗa na tashi ba.

Batun yawan mutane ya fi sauƙi a kan takarda. Da ƙa'idar Yamane ta lissafin yawan waɗanda za a tambaya, tsangaya mai ɗalibai 2,000 da kuskuren kashi 5 cikin ɗari tana buƙatar kimanin 333. Sai dai lissafin ya ɗauka cewa kowa na da damar shiga daidai da ta kowa. Idan ka tura Google Forms zuwa zauren WhatsApp na aji da take mai ambaton kiɗa, masu son kiɗa da masu data ne za su amsa. Idan ka tsaya a ƙofar laburare, masu neman shiru ka tara. Hanyar da ta fi ita ce a zaɓi azuzuwa ta ƙuri'a daga kowane mataki, a nemi izinin malamin darasin da ya wajaba a kan kowa, a raba takarda a ƙarshen lakca, wanda ba ya so sai ya mayar da ita babu rubutu. A ƙirga waɗanda aka raba da waɗanda suka dawo, a kuma rubuta adadin biyu a rahoto.